Murmushi ko Yaƙe? Yadda Ake Sakin Ɗaurarriyar Fuska a Hoto

Idan zangon karatu na uku ya zo ƙarshe, shagunan masu hoto da ke bakin titin Kano zuwa Katsina a cikin garin Bici ba sa rabuwa da ɗalibai. Yawancinsu ’yan ajin ƙarshe na sakandare ne, na cikin gari da na ƙauyukan kewaye, kowa riƙe da hotonsa a waya, ana so a haɗa kalandar yaye ɗalibai. Roƙon da mai hoto ya fi ji a irin wannan lokaci shi ne a ɗan sakar wa mutum fuska, domin da yawa sai bayan an ɗauka suke ganin sun fito a murtuke, kamar waɗanda aka aiko wa saƙon mutuwa.

Haka ta faru da autanmu a bara. An ɗauke shi hoto da tsakar rana a jikin bangon ajinsu, ya sha sabuwar shadda da hula, amma ya tamke baki, ya haɗe gira. Kayan na aro ne, an riga an mayar, kuma washegari za a kai hotunan wurin bugawa, saboda haka babu halin sake ɗauka. Sai wani abokinsa ya sa hoton a wata manhajar waya, ya danna sau ɗaya, nan take ga Auta yana washe baki da haƙora farare tas. Ya kawo wa Inna cikin murna. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta kawo ta kusa, sannan ta ce, “Wannan kuma ɗan waye? Ina wushiryar taka?”

Auta yana da wushirya, na hoton ba shi da ita. Kuma ba haƙoran ne kaɗai suka tona asiri ba. Bakin yana dariya, idanun suna nan a fusace yadda rana ta bar su. Da daddare ya same ni ya ce, “Yaya, ko dai in haƙura a sa na farkon?” Na ce ya bari mu kai wa mai hoton unguwarmu da safe. Abin da na gani a wannan safiyar shi zan bayyana muku, domin duk wanda ya fahimci dalilin kowane mataki zai iya yi, ko a kwamfuta ko a waya.

Murmushi ba a baki kaɗai yake ba

Bahaushe ya daɗe da bambance murmushi da yaƙe. Yaƙe shi ne a ja leɓe a nuna haƙora alhali sauran fuska ba ta san ana yi ba. Wani likita Bafaranshe mai suna Guillaume Duchenne ya binciki wannan bambanci, ya wallafa littafi mai ɗauke da hotuna a 1862. Yakan taɓa tsokokin fuskar mutum da ’yar wutar lantarki, ya ga wace tsoka ke motsa wane wuri. Ya gano cewa akwai tsokar da ta taso daga ƙashin kunci ta sauko zuwa gefen baki, kuma idan ta ɗaure sai ta ja gefen bakin sama da waje. Amma idan ita kaɗai ta yi aiki, abin da ke fitowa yaƙe ne. Murmushin jin daɗi sai an haɗa da tsoka ta biyu, wadda ta kewaye ido kamar zobe. Ita ce ke ɗaga kumatu, ta turo fatar ido ta ƙasa, ta kawo ’yan layuka a gefen ido.

A 1978 wasu masana biyu na Amurka, Paul Ekman da Wallace Friesen, suka fito da tsarin da ya ba kowane motsin fuska lamba. Jan gefen baki shi ne lamba 12, ɗaga kumatu kuma lamba 6. Bincike na baya-bayan nan ya nuna mutane da yawa na iya motsa duka biyun da gangan, saboda haka wannan ba ma’aunin gane maƙaryaci ba ne. Amma ga mai gyaran hoto darasin bai canja ba: idan mai kallo ya ga baki ya motsa ido bai motsa ba, ba zai yarda ba, ko da bai san dalili ba.

Ku gwada da kanku kafin ku taɓa kowace manhaja. Ku tsaya gaban madubi, ku ɗora yatsu biyu a kan kumatu, sannan ku tuna wani abin dariya da ya faru a aji. Za ku ji kumatun sun tashi sun ture yatsun. Za ku ga baki ya faɗaɗa, leɓɓa sun ɗan sirance saboda an ja su, layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki ya ƙara zurfi, ido ya ɗan ƙanƙance daga ƙasa, tsakanin gira kuma ya saki. Duk waɗannan tare suke faruwa. Wanda ya gyara ɗaya ya bar sauran, yaƙe ya haɗa.

Turawa daban, ƙirƙira daban

Kayan gyaran fuska iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin. Iri na farko yana ture abin da ke cikin hoton ne kawai, kamar a zana fuska a jikin roba sannan a ja robar. Ba ya ƙara komai, ba ya kawo haƙorin da kyamara ba ta gani ba. Misalinsa shi ne Liquify na manhajar Photoshop, wanda tun 2016 aka ƙara masa sashen da ke gane ido da hanci da baki da kansa.

Iri na biyu yana sake zana wurin ne gaba ɗaya. An horar da shi da ɗimbin hotunan mutane, saboda haka idan aka ce ya sa dariya sai ya zana irin bakin da ya saba gani. FaceApp, wadda ta fito a 2017, irin wannan ce, haka ma Smart Portrait da aka ƙara wa Photoshop a 2020. Suna da sauri, wani lokaci ma aikinsu na da kyau. Sai dai idan bakin mutum a rufe yake a hoton asali, babu yadda za a yi su san haƙoransa. Ba su san wushirya ba, ba su san giɓi ko haƙorin Makka ba, ba su san ɗan ramin da ke lotsawa a kumatun wasu idan sun yi dariya ba. Sukan kuma shafe tsagen gado ko su lalata shi, domin suna ɗaukarsa tabo ne. Ga kuma wani abin lura: da yawansu suna aika hoton ne ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani a yi aikin a can.

Daga nan doka ta farko ta fito: bakin da aka ɗauka a rufe, a bar shi a rufe. Murmushin leɓe shi ne abin da za a iya samu daga ɗaurarriyar fuska ba tare da an ari na wani ba.

Yadda aka gyara hoton Auta

Abu na farko da mai hoton ya nema shi ne hoton asali, ba wanda ya yi ta yawo a WhatsApp ba. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa inganci, kuma da an fara jan fatarsa sai ya dagargaje. Sai aka sa wanda ya ɗauka ya sake turowa a matsayin Document. Abu na biyu, ya tambayi Auta ko yana da wani tsohon hoto da yake murmushi. Aka samo na Sallar da ta wuce, duk da ya ɗan yi duhu. Ya ajiye shi a gefen allo, ya nuna mana cewa idan Auta ya yi murmushi gefen bakinsa na hagu ya fi na dama tashi. Wannan hoton ne ya zama ma’aunin aikin duka.

Ya buɗe hoton a Photoshop, ya danna `Ctrl+J` don ya yi kwafi a saman na asali. Duk aikin a kan kwafin ake yi, ta yadda za a iya kashe shi a kunna a ga bambanci, ko a jefar a sake. Sannan ya shiga `Filter > Liquify`.

Bai fara da baki ba. Ya ɗauki Freeze Mask Tool, wato burushin da ke daskarar da wuri don kada ya motsa, ya shafe bangon da ke bayan Auta, da hular, da wuyan rigar, da kunnuwa, da ƙwayar ido. Dalili shi ne bangon na bulo ne, layukansa miƙaƙƙu. Idan aka tura kunci ba a daskarar da bango ba, layin bulon da ke kusa da fuskar zai lanƙwashe, kuma wannan shi ne abu na farko da masu tona asirin gyaran hoto ke dubawa. Ga ’yan mata, bakin hijabi ne ke taka wannan rawar: da ya karkace, an gane.

Daga nan ya sassauta fushin. Fuskar da rana ta daka tana da alamu biyu: gira ta sauko ta matso tsakiya, kuma akwai ’yan layuka a tsaye tsakanin girar biyu. Ya ɗauki Forward Warp Tool, burushin turawa, ya rage ƙarfinsa a Pressure zuwa wajen 15, ya ɗaga kan kowace gira ta wajen hanci sama da waje kaɗan, abin da bai kai kaurin girar kanta ba. Layukan tsakiya kuwa daga baya ya rage musu duhu, bai share su duka ba. Ya ce goshin da babu layi ko ɗaya na ’yar tsana ne.

Sai baki. A sashen Mouth akwai ma’aunai da ake ja dama ko hagu, daga -100 zuwa 100. Ya ja Smile har 60 don mu gani: gefen bakin ya lanƙwashe sama kamar ƙugiya, fuskar ta koma ta mai mugunta a fim. Ya dawo da shi 22. Ya ƙara Mouth Width da 8, domin murmushi waje yake ja kafin ya ja sama. Masu zane suna da wata ƙa’ida mai amfani a nan: a murmushi mai sauƙi, idan aka sauko da layi daga tsakiyar ƙwayar ido, wajen nan gefen baki ke tsayawa. Idan ya zarce sosai alhali bakin a rufe yake, an wuce gona da iri. Ya kuma rage kaurin leɓɓan biyu kaɗan ta Upper Lip da Lower Lip, saboda leɓen da aka ja ba ya zama da kaurinsa. A ƙarshe ya koma burushin turawa ya ƙara ɗaga gefen hagu ɗan mitsitsi, kamar yadda yake a hoton Sallah. Ma’aunin Smile yana ɗaga ɓangarori biyu daidai wa daida ne, alhali babu fuskar ɗan Adam da take haka.

Kada ku haddace waɗannan lambobi. Na hoton Auta ne, kuma wata fuskar 12 ya ishe ta, wata ta ɗauki 30. Abin riƙewa shi ne a tsaya tun kafin a ji an ƙoshi.

A nan ne yawancin masu koyo ke tsayawa, kuma a nan ne ainihin aikin ya fara. Ya faɗaɗa burushin ya kai girman kuncin, ya ɗora shi ƙasa da ƙashin kunci, ya tura sama da ɗan waje, wajen kunne, sau uku ko huɗu a hankali. Babban burushi da ƙaramin ƙarfi shi ne sirrin. Ƙaramin burushi mai ƙarfi yana barin fata kamar an ja ta da cokali, ramukan gashi su miƙe su zama zare-zare. Bayan kumatu, ya rage burushin zuwa girman ido, ya tura fatar ido ta ƙasa sama har ta ɗan rufe gindin baƙin ido. Akwai ma’aunin Eye Height, amma bai yi amfani da shi ba, domin idon gaba ɗaya yake matsewa, mutum ya fito kamar mai jin barci. A murmushi daga ƙasa ido ke rufuwa. Ƙwayar idon da ya daskarar tun farko ta tsaya a zagayenta, ba ta zama kamar ƙwai ba.

Da ya fita daga Liquify, siffar ta yi daidai, amma fuskar ta yi lebur. Dalili shi ne turawa tana canja wuri ne kawai, ba ta canja haske da inuwa. Kuncin da ya tashi yana tarar haske a samansa, ya jefa inuwa a ƙasansa. Sai ya buɗe sabon shafi a sama, ya sa shi a Soft Light, ya ɗauki burushi mai laushi, ya rage Flow zuwa 3. Da baƙi ya bi layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki ya ɗan zurfafa shi, ya sa ɗigon inuwa a kowane lungun baki, da siririyar inuwa a ƙarƙashin fatar ido. Da fari ya taɓa saman kumatu. Kafin ya yi, ya duba inda hasken ya fito. A hoton Auta rana tana sama ta ɗan karkata dama, don haka kuncin da ke wajenta ya fi samun haske. Ya ja hankalinmu cewa a baƙar fata haske a kunci yana fitowa fili ƙwarai, kuma idan farin ya yi yawa sai wurin ya yi toka-toka kamar an shafa hoda. Layukan gefen ido kuwa bai zana su ba, domin ɗan shekara 17 ba shi da su sosai, ko a hoton Sallar ma da ƙyar ake ganinsu. Da dattijo ne, dole a sa su.

Saura abu ɗaya da ni ban lura da shi ba sai da ya nuna: haɓa. Wanda ya tamke baki, fatar haɓarsa tana tattarewa ta yi gurɓi-gurɓi kamar ɓawon lemo. Idan aka bar ta haka a ƙarƙashin murmushi, sai ya zama kamar mutum yana danne kuka. Ya sassauta inuwar wurin. Aikin duka bai wuce minti 25 ba.

Idan waya kawai kuke da ita

Ba kowa ke da kwamfuta ba. Manhajar Snapseed ta kamfanin Google kyauta ce, kuma tana da kayan aiki mai suna Head Pose, wanda a cikinsa akwai ma’aunin Smile. Shi ma turawa yake yi, ba ya ƙirƙiro haƙora. Ku ja shi a hankali har ku ga murmushin ya fito sarai, sannan ku koma baya da kusan rabi. Bayan haka ku shiga Brush, ku zaɓi Dodge & Burn, ku zuƙo hoton sosai, ku sa haske kaɗan a saman kumatu da inuwa kaɗan a layin gefen hanci. Iyakarsa ita ce ba ya ba ku ikon tura kunci da fatar ido yadda kuke so. Saboda haka murmushin waya dole ya fi na kwamfuta ƙanƙanta. Abin da za ku nema shi ne fuskar da ta saki, kamar ta wanda aka yi wa sallama zai amsa.

Akwai kuma hotunan da ba sa gyaruwa, gara ku sani tun da wuri. Fuskar da ta juya gefe sosai, manhaja ba ta gane ta daidai. Gemu da gashin baki masu kauri suna nuna alamar ja, domin gashin yana lanƙwashewa. Tsagen da ke kusa da baki ko a kunci yana karkacewa idan aka tura fata, kuma ’yan’uwa sun san yadda nasu yake. Tabarau ma sai an daskarar da shi, in ba haka ba ƙarfensa ya lanƙwashe. Hoton da ya yi dishi-dishi kuwa, babu abin da za a tura a cikinsa.

Yadda za ku gane ko ya yi

Idon da ya daɗe yana kallon hoto ɗaya yakan saba da kuskure. Shi ya sa mai hoton ya yi gwaji huɗu kafin ya ce an gama.

Na farko, ya rufe bakin da babban yatsa, ya tambaye mu ko mutumin nan yana murmushi. Idan daga ido da kumatu kaɗai ba a iya cewa e ba, aikin bai kammala ba. Wannan gwajin ne hoton abokin Auta ya faɗi.

Na biyu, ya ƙanƙantar da hoton ya koma girman fasfo, wato yadda zai fito a kalanda. A wannan girman ido ba ya bin ƙananan abubuwa, yanayin fuskar gaba ɗaya yake karantawa, kuma yaƙe ba ya ɓuya.

Na uku, ya juya hoton, dama ta koma hagu. Fuskar sai ta zama baƙuwa ga ido, duk wani karkacen da aka saba da shi ya fito.

Na huɗu, ya riƙa kashe kwafin yana kunnawa da sauri. Abin da ya kamata ya motsa shi ne baki, kumatu, fatar ido, gira da haɓa. Idan bango, hula, kunne ko karan hanci sun yi rawa, an taɓa abin da bai kamata ba.

Gwaji na biyar ba a shago ake yinsa ba. A 2019 masu bincike na kamfanin Adobe da na Jami’ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna wa mutane hotuna bibbiyu, ɗaya na asali ɗaya wanda aka taɓa fuskarsa da Liquify. Mutanen sun gane wanda aka taɓa sau 53 ne kawai cikin 100, kusan daidai da canki-canki, alhali manhajar da masu binciken suka horar ta kai har 99. Wato baƙo yana da sauƙin ruɗa. Wanda ya san mutum kuwa ba siffa kawai yake dubawa ba, yana neman murmushin da ya sani ne. Da muka kai wa Inna na biyun, ta duba ta ce, “To, yanzu na ga Auta. Haka yake yi in ya ci wani abu a ɓoye.”

Inda ba a taɓawa

Iya yin abu daban, dacewarsa daban. Hoton fasfo na tafiya, na katin ɗan ƙasa, da na rajistar jarrabawa irin su WAEC da NECO ba a gyara musu fuska ko kaɗan. Ƙa’idar hoton fasfo ta duniya ma cewa ta yi baki a rufe, fuska ba dariya ba fushi, domin da shi ake gwada fuskar mutum. Wanda ya canja siffar bakinsa da idonsa a irin wannan hoto, kansa ya jawo wa matsala ranar tantancewa.

Hoton wani kuma ba a taɓa shi sai da izininsa. Sanya wa ’yar ajinku ko malaminku murmushin da ba su yi ba, a yaɗa a zauren WhatsApp, ba wasa ba ne, domin murmushi magana ce. Yana cewa na yarda, ko na ji daɗi, ko ina tare da wannan. A watan Afirilun 2021 kafar Vice ta wallafa hotunan fursunonin gidan yarin Tuol Sleng na ƙasar Kambodiya, inda gwamnatin Khmer Rouge ta azabtar da dubban mutane kafin a kashe su a shekarun 1970. Wani mai gyaran hoto ɗan ƙasar Ayalan, Matt Loughrey, ya sa wa hotunan launi, sai aka gano an ƙara wa wasu fuskokin murmushin da babu shi a hotunan asali. Gwamnatin Kambodiya da jama’ar ƙasar suka yi tir, kafar ta cire labarin. Aikin ya yi kyau a ido, amma ya sa waɗanda ke jiran mutuwa sun faɗi abin da ba su faɗa ba.

Wannan ya shafe mu a nan gida. A gidaje da yawa hoton kaka ko mahaifin da ya rasu guda ɗaya ne tak, kuma yawanci a ɗaure yake, domin mutanen da suna ɗaukar tsayawa gaban kyamara abu ne na kamun kai. Idan iyali suka nemi a sassauta shi, a yi da shawarar manya, a yi kaɗan, a ajiye na asali, kuma a faɗa wa duk wanda aka ba cewa an taɓa.

Ga ’yan aji biyar da za su yi tasu kalandar baɗi, hanya mafi sauƙi ita ce kada a kai ga gyara. Ku guji ɗaukar hoto da tsakar rana. Ku shiga inuwar darbejiya ko barandar aji, ko ku bari sai bayan La’asar, domin rabin ɗaurewar fuska rana ce ke kawo ta. Mai ɗauka kada ya ce “yi murmushi”, wannan yaƙe yake haifarwa. Ya sa aboki ya tsaya a bayansa ya tsokani wanda ake ɗauka, shi kuma ya ɗauki guda goma a jere. A cikin goman za a samu ɗaya da baki da ido suka yi magana ɗaya, da wushiryar da komai.